Filin da Ba Shi da Ƙarshe: Yadda Gwajin Kwatanci Ke Gano Intigiral Mai Tsayawa

A shekarar 1644, masanin lissafi ɗan ƙasar Italiya, Evangelista Torricelli, wanda ya zauna tare da Galileo a watannin ƙarshe na rayuwarsa, ya wallafa wani sakamako da ya ɗaure wa malaman zamaninsa kai. Ya ɗauki lanƙwasasshen layin da muke rubutawa a yau y = 1/x, ya juya shi ya kewaye layin kwance, sai aka sami wata siffa irin ta kakaki: bakinta da faɗi, tana tafiya tana tsukewa, amma tsawonta ba shi da ƙarshe. Torricelli ya nuna cewa duk da wannan tsawo, abin da cikinta zai ci yana da iyaka. A lissafin yau, idan aka fara daga x = 1, cikin nan π ne daidai, wato uku da ɗan ɗoriya.

Wannan mamaki shi ne yake jiran kowane ɗalibin aji ɗaya a jami'a ranar da darasin kalkulas ya iso kan intigiral marar iyaka, wanda malamai ke kira imfurofa. Kafin ranar, ɗalibi ya saba auna filin da ke ƙarƙashin layi tsakanin lambobi biyu, a ce daga 1 zuwa 3. Yanzu sai a ce masa ya auna daga 1 har illa masha Allahu. Tambayar farko a nan ba ita ce "nawa ne filin?" ba. Tambayar ita ce: filin yana da adadi ma kuwa? Gwajin kwatanci hanya ce ta amsa wannan tambaya ba tare da an warware intigiral ɗin ba, kuma sau da yawa ita kaɗai ce hanyar da ɗalibi yake da ita, domin akwai intigiral da yawa da ba su warwaruwa da kowace dabara ta aji.

Mai tsayawa da mai zarcewa

Ba wanda zai iya sa ∞ cikin lissafi kamar yadda yake sa 5 ko 10, domin ∞ ba lamba ba ce. Abin da ake yi shi ne a datse filin a wata lamba, a kira ta b, a auna daga 1 zuwa b, sannan a riƙa matsar da b gaba ana kallon inda amsa ta nufa.

Mu gwada da 1/x². Filin da ke ƙarƙashinsa daga 1 zuwa b shi ne 1 − 1/b. Idan b ta kai 10, filin ya zama 0.9. Idan ta kai 100, ya zama 0.99. Idan ta kai 1000, ya zama 0.999. Kullum yana ƙaruwa, amma ba zai taɓa haura 1 ba, kuma yana kusantarsa gwargwadon yadda muke so. Don haka muke cewa ∫₁^∞ 1/x² dx = 1. Irin wannan shi ne intigiral mai tsayawa, wanda a aji ake cewa ya yi kwanbaj.

Yanzu ga ɗan'uwansa 1/x. Filinsa daga 1 zuwa b shi ne ln b. A b = 10, amsa kusan 2.3 ce. A 100 ta zama 4.6, a 1000 ta zama 6.9, a miliyan ɗaya ta kai 13.8. Tafiyar hawainiya ce, amma a lura da abu guda: duk lokacin da aka ninka b sau goma, sai filin ya ƙaru da 2.3, ba ragi. Ko wace lamba ka ambata, komai girmanta, akwai inda b za ta kai filin ya wuce ta. Wannan shi ne intigiral mai zarcewa, wanda ake cewa ya yi daibaj.

Idan aka zana layukan nan biyu a allo, da ƙyar ido zai ga wani bambanci na kirki. Dukansu suna gangarowa, dukansu suna neman sifili. A nan ne ɗalibai da yawa suke fara ɓata, sai su ce tunda fankshin yana tafiya sifili, ai dole filinsa ya tsaya. Ba haka ba ne. Gangarowa kaɗai ba ta isa ba, saurin gangarowar shi ne magana. A x = 1000, 1/x kashi ɗaya ne cikin dubu, shi kuwa 1/x² kashi ɗaya ne cikin miliyan.

Daga nan aka sami ƙa'idar da duk sauran aikin ya dogara a kanta. Intigiral ɗin 1/xᵖ daga 1 zuwa ∞ yana tsayawa idan p ta fi 1, kuma adadinsa 1/(p − 1) ne. Idan p daidai take da 1, ko ta gaza 1, to yana zarcewa. Saboda haka 1/x³ yana tsayawa a kan rabi, 1/√x kuwa, da yake p ɗinsa rabi ce, zarcewa yake yi. A ƙara da guda ɗaya: intigiral ɗin e^(−x) daga 1 zuwa ∞ yana tsayawa a kan 1/e, kusan 0.368. Waɗannan su ne ma'aunan da ɗalibi zai riƙe a ka, domin da su zai auna duk wani baƙon fankshin da aka kawo masa.

Ƙa'idar kwatanci

A ce wani manomi yana da gona wadda aka auna, aka tabbatar kadada ɗaya ce. Ya yanki wani ɓangare a cikinta ya ba ƙaninsa. Ko ba a kawo igiyar awo ba, kowa ya san rabon ƙanin bai wuce kadada ɗaya ba. Idan kuma aka ce akwai wani yanki a cikin wata gona da ya fi ƙarfin kowace igiya, to gonar da ta ƙunshe shi ma ta fi ƙarfin igiya. Gwajin kwatanci ke nan, babu ƙari.

A harshen lissafi, a ce muna da fankshin biyu, f da g, waɗanda ba su da tsinkewa, kuma daga wata lamba a zuwa gaba, 0 ≤ f(x) ≤ g(x). Wato f ba ya sauka ƙasa da sifili, kuma ba ya hawa sama da g. To abu biyu ne suka tabbata. Idan intigiral ɗin babban, g, ya tsaya, na ƙaramin, f, shi ma ya tsaya. Idan kuma intigiral ɗin ƙaramin ya zarce, na babban shi ma ya zarce.

Dalilin yana da kyau a fahimce shi, kada a tsaya ga hadda. Tunda f ba ya sauka ƙasa da sifili, duk matsawar da b ta yi ƙari take kawo wa filin, ba ta taɓa rage shi. Abin da yake ta hawa ba ya sauka kuwa, hanya biyu ce kawai a gabansa: ko dai ya yi ta hawa ba iyaka, ko ya nufi wani adadi ya tsaya. Idan akwai rufi a samansa, wato filin g, to hanyar farko ta toshe, sai ta biyu.

Akwai kuma fuska biyu da ƙa'idar ba ta ce komai a kansu ba, kuma a nan ne ake asarar maki a jarrabawa. Idan babban ya zarce, ba mu san komai game da ƙaramin ba. Ga shaida: 1/x² yana ƙasa da 1/x, ya kuma tsaya; 1/(2x) shi ma yana ƙasa da 1/x, amma filinsa rabin ln b ne, ya zarce. Su biyun suna ƙarƙashin mai zarcewa ɗaya, ƙarshensu ya bambanta. Haka nan idan ƙaramin ya tsaya, babban yana iya tsayawa, yana iya zarcewa. Don haka mai son nuna tsayawa sai ya nemo rufi mai tsayawa a sama. Mai son nuna zarcewa sai ya nemo mai zarcewa a ƙasa.

Kakakin Torricelli ya ba da misali mai kyau na fuskar zarcewa. Girman fatar jikinsa shi ne 2π sau intigiral ɗin (1/x)·√(1 + 1/x⁴) daga 1 zuwa ∞. Warware wannan kai tsaye aiki ne ja. Amma abin da ke ƙarƙashin alamar √ ya fi 1, don haka √ ɗin ma ya fi 1, ke nan dukan fankshin ɗin ya fi 1/x. Tunda 1/x ya zarce, wanda ke samansa ya zarce. Layi biyu na rubutu sun nuna cewa cikin kakakin yana da iyaka, fatarsa ba ta da ita.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki intigiral ɗin e^(−x²) daga 0 zuwa ∞. Wannan fankshin shi ne tushen layin nan mai siffar ƙararrawa da ake amfani da shi a ilimin ƙididdiga. Ɗalibi zai iya kwana yana gwada sauya harafi ko warwarewa kashi-kashi, ba zai fita ba. Laifin ba nasa ba ne. Daga aikin da masanin Faransa Joseph Liouville ya yi a shekarun 1830, an san cewa babu wani fankshin da aka haɗa da kayan aji na yau da kullum, irin su xⁿ da eˣ da ln x da sin x, wanda dirabatif ɗinsa zai ba da e^(−x²). Ƙofar warwarewa a rufe take, sai kwatanci.

Mataki na farko shi ne a gano inda matsala take. Wannan fankshin ba ya tsinkewa a ko'ina, kuma tsayinsa bai taɓa wuce 1 ba. Matsalarsa guda ce, ita ce tafiyar da ba ta ƙarewa ta wajen ∞.

Mataki na biyu shi ne a yi hasashe. Da x ta kai 3, e^(−9) bai wuce 0.00013 ba. Faɗuwa ce mai tsananin sauri, don haka muna zaton zai tsaya. Wannan zato shi ne yake gaya mana abin da za mu nema: rufi mai tsayawa.

Mataki na uku, zaɓen rufin. Wanda ya fi kama da shi cikin ma'aunanmu shi ne e^(−x). Idan x ta kai 1 ko ta fi, x² ba ya gaza x, don haka −x² ba ya wuce −x, ke nan e^(−x²) ≤ e^(−x). A gwada da lamba don a tabbatar: a x = 2, na farkon e^(−4) ne, kusan 0.018, na biyun e^(−2) ne, kusan 0.135. Ya yi daidai.

Sai dai intigiral ɗinmu daga 0 ya fara, ba daga 1 ba, kuma a tsakanin 0 da 1 lamarin juyawa yake yi. A x = 0.5, x² ya zama 0.25, wanda ya gaza x. Sai e^(−0.25), kusan 0.779, ya hau kan e^(−0.5), kusan 0.607. Ɗalibin da ya rubuta cewa e^(−x²) ≤ e^(−x) daga 0 zuwa ∞ ya rubuta abin da ba gaskiya ba, ko da amsarsa ta ƙarshe ta dace.

Maganin shi ne mataki na huɗu: a raba filin biyu. Daga 0 zuwa 1 intigiral ne na yau da kullum, faɗinsa 1, tsayinsa bai wuce 1 ba, don haka filinsa bai wuce 1 ba. Daga 1 zuwa ∞ yana ƙarƙashin e^(−x), don haka bai wuce 0.368 ba. Kashi biyun duk sun tsaya, ke nan dukan intigiral ɗin ya tsaya, kuma bai wuce 1.368 ba.

Abu biyu ne za a ɗauka daga nan. Na farko, ba dole ba ne kwatancin ya yi aiki tun daga bakin farko. In dai fankshin lafiya lau yake a ɓangaren farko, wutsiyarsa ce take yanke hukunci, kuma ana iya fara kwatanci daga 1, ko 10, ko 500. Na biyu, gwajin bai ba mu adadin filin ba. Ainihin adadin √π/2 ne, kusan 0.886, kuma ana samunsa ne ta wata dabara da ake koyarwa a gaba, a darasin intigiral mai harafi biyu. Abin da kwatanci ya ba mu shi ne tabbacin cewa akwai adadin, da kuma iyakar da ba zai haura ba.

Idan kwatanci ya juya baya

Yawancin tambayoyin aji suna zuwa ne a siffar kaso, wani abu a sama, wani a ƙasa. Dabarar zaɓen abokin kwatanci a nan ita ce a tambayi kai: idan x ta yi girma sosai, wane ne mai faɗa-a-ji a sama, wane ne a ƙasa? A cikin x² + 1, idan x ta kai 1000, x² miliyan ne, 1 kuwa ba ya ko motsa ma'auni. Saboda haka 1/(x² + 1) halin 1/x² gare shi. Kuma an yi sa'a, na ƙasansa ya fi x² girma, don haka kason ya fi 1/x² ƙanƙanta. Yana ƙarƙashin mai tsayawa, ya tsaya.

Amma a sauya alama guda, a ɗauki 1/(x² − 1) daga 2 zuwa ∞. Halinsa har yanzu na 1/x² ne, sai dai yanzu na ƙasan ya ragu, kason ya ƙaru. A x = 2, 1/3 ne, alhali 1/x² yana 1/4. Fankshin ɗinmu yana saman mai tsayawa, kuma mun riga mun ga cewa wannan ba ya nuna komai. Ɗalibi mai gaggawa yakan juya alamar ≤ yadda ta yi masa daɗi ya wuce. Hanyar kama wannan kuskure mai sauƙi ce: duk lokacin da ka rubuta cewa wani ya fi wani, sa lamba ɗaya ka gani da idonka.

Gyara iri biyu ne. Na farko, a ɗaga rufin. Ninka fankshin da tsayayyiyar lamba ba ya sauya hukuncinsa: idan filin 1/x² yana da iyaka, ninkinsa biyu ma yana da ita. To a gwada 2/x². Cewa 1/(x² − 1) ≤ 2/x² daidai yake da cewa x² ≤ 2x² − 2, wato x² ≥ 2, wanda gaskiya ne ga duk x daga 2 zuwa sama. Filin 2/x² daga 2 zuwa ∞ kuwa 1 ne. Ke nan namu ya tsaya, bai kuma wuce 1 ba. Wannan misali yana warwaruwa kai tsaye, kuma amsarsa rabin ln 3 ce, kusan 0.549, wadda ta zauna lafiya a ƙarƙashin rufin.

Gyara na biyu shi ne kwatanci ta hanyar limit, wanda yake sauke wa ɗalibi wahalar neman wane ne sama, wane ne ƙasa. Idan f da g duk sun fi sifili, sai a raba f da g, a duba inda rabon ya nufa yayin da x take girma. Idan ya nufi wata lamba L wadda ta fi sifili kuma ba ∞ ba ce, to hukuncinsu ɗaya ne: ko su tsaya tare, ko su zarce tare. A misalinmu rabon shi ne x²/(x² − 1). A x = 10 ya zama 100/99, a x = 100 ya zama 10000/9999. Ya nufi 1. Magana ta ƙare.

Wannan ba sabuwar ƙa'ida ba ce, tsohuwar ce aka sauƙaƙa. Idan rabon ya nufi L, to daga wani wuri zuwa gaba zai zauna tsakanin rabin L da ninkin L biyu. Ma'ana f yana tsakanin (L/2)·g da 2L·g, yana da rufi a sama da daɓe a ƙasa, kuma dukansu ninkin g ne. Sharaɗin cewa L ta fi sifili ba ado ba ne. A raba 1/x² da 1/x, rabon 1/x ne, ya nufi sifili, ga shi kuwa ɗaya ya tsaya, ɗaya ya zarce.

Matsalar da ke kusa da sifili

Ba tsawo kaɗai ke sa intigiral ya zama marar iyaka ba, tsayi ma yana sawa. Fankshin 1/√x tsakanin 0 da 1 faɗinsa ɗan kaɗan ne, amma yayin da x take kusantar 0, shi sama yake yi ba iyaka. A nan ma datsewa ake yi: a fara daga wata 'yar ƙaramar lamba a, a auna zuwa 1, a samu 2 − 2√a. Idan a ta nufi sifili, amsa ta nufi 2. Ya tsaya. Shi kuwa 1/x² a wannan wuri filinsa 1/a − 1 ne, wanda ya kai 999 tun a tana 0.001. Ya zarce.

Ke nan ƙa'idar p ta juya. Daga 0 zuwa 1, intigiral ɗin 1/xᵖ yana tsayawa ne idan p ta gaza 1, yana zarcewa idan ta kai 1 ko ta fi. Wanda ya zama rufi mai kyau a wajen ∞ ba shi da amfani a wajen sifili, haka kuma akasin haka. Shi 1/x a kan iyaka yake zaune, yana zarcewa ta ɓangarorin biyu.

Ga misalin da ya haɗa matsalolin biyu: intigiral ɗin 1/(√x + x²) daga 0 zuwa ∞. Ba rufi guda daga dangin 1/xᵖ da zai rufe shi gaba ɗaya, domin kowannensu yana zarcewa ta wani ɓangare. Dole a raba a x = 1. Kusa da sifili, wa ke faɗa-a-ji? A x = 0.01, √x ya zama 0.1, x² kuwa 0.0001. To √x ne. A jefar da x², na ƙasa ya ragu, kason ya ƙaru, don haka fankshin ɗinmu yana ƙarƙashin 1/√x, wanda filinsa 2 ne. A can nesa kuwa, a x = 100, √x goma ne, x² dubu goma. Yanzu x² ne mai iko, fankshin ɗinmu yana ƙarƙashin 1/x², wanda filinsa 1 ne. Kashi biyun sun tsaya, dukansa bai wuce 3 ba. Da a ce kashi ɗaya ya zarce, to dukan intigiral ɗin ya zarce ke nan, ko da ɗayan ya tsaya.

Saboda haka kafin a fara komai, a duba na ƙasan kason, a ga ko akwai inda yake zama sifili a tsakanin iyakokin ko a kansu. Da a ce 1/(x² − 1) daga 1 aka fara shi maimakon 2, da hukunci ya sauya, domin kusa da x = 1 halinsa na 1/(2(x − 1)) ne, wanda yake zarcewa kamar yadda 1/x yake yi kusa da sifili.

Inda gwajin yake gazawa

Sharaɗin nan na 0 ≤ f(x) shi ne aka fi mantawa. Fankshin −1/x yana ƙasa da 1/x² a ko'ina daga 1 zuwa gaba, amma filinsa −ln b ne, yana nutsewa ƙasa ba iyaka. Rufi ba ya hana nutsewa. Idan fankshin yana hawa sama da sifili yana sauka ƙasa da shi, kamar (sin x)/x², sai a ɗauki girmansa ba tare da alama ba. Tunda |sin x| bai wuce 1 ba, |sin x|/x² yana ƙarƙashin 1/x², ya tsaya. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce idan intigiral ɗin |f| ya tsaya, na f ma ya tsaya. Amma ba a juya ta. Intigiral ɗin (sin x)/x daga 1 zuwa ∞ yana tsayawa, saboda ɓangarorin sama da na ƙasa suna cinye juna, alhali na |sin x|/x yana zarcewa. Kwatanci kai tsaye ba ya iya ganin irin wannan, sai an fara da warwarewa kashi-kashi.

Akwai kuma fankshin da ke faɗawa tsakanin ma'aunai. Ɗauki 1/(x·ln x) daga e zuwa ∞. Ya fi 1/x ƙanƙanta, wanda ba ya nuna komai. Idan aka yi nisa kuma, ya fi 1/xᵖ girma ga kowace p da ta fi 1, wanda shi ma ba ya nuna komai. A nan sauya harafi ne mafita: a sa u = ln x, filin ya fito ln(ln b), wanda yake zarcewa. Wannan misali gargaɗi ne ga mai dogara da kalkuleta. A b miliyan ɗaya filin kusan 2.6 ne. A ninka b sau miliyan, filin ya koma kusan 3.3 kawai. Duk wanda ya kalli waɗannan lambobi zai rantse abin ya kusa tsayawa, alhali ba shi da wurin tsayawa. Lambobi suna taimakawa wajen hasashe, amma ba su zama hujja.

Abin da za a rubuta a takarda

Amsar da ta cika tana ɗauke da abu huɗu, kuma malami mai duba takarda su yake nema: inda matsalar take, abokin kwatancin da dalilin da ya sa aka san hukuncinsa, alamar ≤ ko ≥ tare da wurin da take aiki da kuma shaidar cewa fankshin bai sauka ƙasa da sifili ba, sannan hukunci. Rubuta "ya tsaya" kawai ba amsa ba ce, domin mai canki-canka ma yakan dace.

Ɗalibi mai karatu, ga guda uku ka gwada da hannunka: 1/(x³ + 5) daga 1 zuwa ∞, (2 + sin x)/x daga 1 zuwa ∞, da 1/(x + x²) daga 0 zuwa 1. Ɗaya daga cikinsu ne kawai yake tsayawa. A kowanne, ka fara yin hasashe kafin ka nemi abokin kwatanci, domin hasashen ne zai gaya maka ko rufi kake nema ko daɓe. Kuma kada ka wuce kowace alamar ≤ sai ka sa lamba ka tabbatar ta fuskanci inda ya kamata.